Aikin sabunta bayanai ya gudana sau biyu a dare ɗaya, ina matsalar take?

Sadiq_Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda zai haska mini wani abu da ya hana ni barci tun shekaranjiya. Daga nan Kano nake wa wani kamfanin sayar da kaya na Birtaniya aiki. Muna da aikin da yake tashi kullum ƙarfe 1:30 na dare, ya tattara cinikin jiya ya zuba a teburin da rahoton safe yake karantawa. Wata bakwai ke nan da na karɓe shi, bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Ranar Litinin sai ga saƙon manaja, wai cinikin Asabar 25 ga Oktoba ya ninka, ko dai mun yi kasuwar da ba mu taɓa yi ba, ko kuma wani abu ya lalace. Da na buɗe log na daren Lahadi 26 ga wata sai na ga wannan:

```
2025-10-26 01:30:00 refresh_sales started
2025-10-26 01:41:12 refresh_sales done
2025-10-26 01:30:00 refresh_sales started
2025-10-26 01:40:55 refresh_sales done
```

Ku duba fa. Ya gama 1:41, ya sake farawa 1:30. Ban taɓa komai ba, babu wanda ya shiga sabar a daren. Ta yaya lokaci zai koma baya?

Baffa_Gyara: Wa alaikumus salam. Batirin agogon kwamfutar ne ya mutu. Ɗan ƙaramin nan mai kama da kwabo da yake kan allon ciki. Kullum ina canja wa mutane shi a shago, da zarar ya yi sanyi agogo sai ya dinga hauka. Ka sa a canja.

Sadiq_Kurna: Baffa na gode, amma sabar haya ce, ban ma san ɗakin da take ba balle in buɗe ta. Kuma agogon daidai yake yanzu, ko daƙiƙa ɗaya bai kauce ba.

Hajiya_Rabi_Leeds: Ƙanena, ba batiri ba ne, kuma sabarka lafiyarta lau. A daren nan ne aka mayar da agogo baya a nan Birtaniya. Duk Lahadin ƙarshe ta Oktoba, idan agogo ya kai 2:00 na dare sai ya koma 1:00. Ke nan duk mintin da ke tsakanin 1:00 da 1:59 sau biyu ake yin sa a wannan daren. Ƙarfe 1:30 na farko shi ne 00:30 a UTC, wato agogon duniya da ba a canja shi, na biyun kuma 01:30 a UTC. Awa guda cur ce tsakaninsu, amma a fuskar agogon Landan lamba ɗaya ce. Kai da kake Kano, da kana zaune kana kallo, sai ka ga na farko ya tashi 1:30 a agogon hannunka, na biyu 2:30.

Rubuta wannan a sabar ka faɗa mana abin da ta nuna:

```
timedatectl
```

Na tabbata za ka ga `Europe/London`. Sannan ka koma log na Lahadi 30 ga Maris na 2025. Ina jiran ka.

Sadiq_Kurna: Hajiya, `Europe/London` ne. Na duba Maris kuma. Akwai na 29, akwai na 31, babu na 30 kwata-kwata. Ikon Allah. Na tambayi wanda ya riƙe aikin kafin ni, ya ce ya tuna wata Litinin da rahoto ya zo babu cinikin Asabar, ya tayar da aikin da hannu, ya ɗauka katsewar intanet ce, maganar ta wuce.

Hajiya_Rabi_Leeds: To ka ga ɗaya ɓangaren ke nan. A Lahadin ƙarshe ta Maris agogo daga 00:59 yake tsallakawa zuwa 2:00. Babu 1:30 a wannan daren, ba a yi shi ba. Aikinka yana zaune yana jiran baƙon da ba zai zo ba. Idan kana son ka gani da idonka:

```
TZ=Europe/London date -d '2025-03-30 01:30'
```

Zai ce maka `invalid date`. Na Maris ya fi ba ni tsoro a kan na Oktoba, don aikin da bai tashi ba ba ya barin kuskure a log. Shiru kawai. Sai wanda ya lura da giɓi a rahoto.

Injiniya_Tukur: Hajiya na yarda da bayanin agogo, amma akwai abin da bai yi mini daidai ba. `cron` na Debian da Ubuntu ya san da wannan tun tuni. Idan agogo ya motsa ƙasa da awa uku, aikin da aka tsallake yakan tayar da shi nan take bayan canjin, idan kuma baya aka koma ba ya maimaita wanda ya riga ya yi. Sharaɗin dai aikin ya zama mai ƙayyadadden lokaci ne, ba mai tauraro a gurbin awa ko minti ba. Sadiq, da me kuke tayar da aikin nan? Don in `cron` ne da bai kamata ka ga haka ba.

Sadiq_Kurna: Injiniya ka kama ni. Ba `cron` ba ne. Wani ɗan shirin Python ne da aka rubuta tun kafin in zo, yana farkawa duk minti ɗaya ya duba agogo:

```python
now = datetime.now()
if now.hour == 1 and now.minute == 30:
    refresh_sales()
```

Injiniya_Tukur: Shi ke nan, magana ta fito. Wannan ba shi da ƙwaƙwalwar tuna ko ya yi aikin ɗazu. Abin da ya gani a bango shi yake bi. Amma kada wani ya karanta maganata ta sama ya kwanta ya ce `cron` ya rufe masa komai. Wancan dabarar ta wasu nau'o'insa ce, ba duka ba, kuma kowane abin tsara lokaci da nasa halin: wani ya tsallake, wani ya jinkirta, wani ya maimaita. Ni shi ya sa ba na son dogara da wayon kowa. UTC ba ya gaba, ba ya baya, kowace rana awa 24 ce, kowane minti sau ɗaya yake zuwa. In ka ɗora aikin a kansa, tambayar "me zai faru daren canji" ma ba ta taso ba. Gyaran gaggawa a wurinka layi ɗaya ne, `datetime.now(timezone.utc)`. Gyaran gaskiya kuma ka jefar da wannan shirin ka koma `systemd`:

```
OnCalendar=*-*-* 01:30:00 UTC
```

Da wannan ba sai ka taɓa agogon sabar gaba ɗaya ba.

Ɗan_Zinder: Ni dai kuna ba ni mamaki da wannan wahala. A Nijar ba mu canja agogo, ku ma a Najeriya haka. Awa ɗaya muke gaban UTC rani da damina. Ka mayar da sabar `Africa/Lagos` ko `Africa/Niamey` ka huta mana. Me ya kai ka bin agogon Turawa?

Sadiq_Kurna: Sabar tasu ce ai Malam, ba tawa ba. In na ce a mayar da ita agogon Legas sai sun tambaye ni ko lafiya.

Maryam_Bayanai: Ɗan_Zinder, ta fuskar lissafi ka yi gaskiya, agogon da ba ya motsi ba zai ninka aiki ba. Amma bari in ba ka labarina, don ni a agogon Legas ɗin nake kuma abin ya same ni. Muna karɓar wani fayil na farashi daga abokan hulɗa a Landan, suna ajiye shi ƙarfe 12 na darensu daidai. Na fara aikin a watan Yuni, lokacin da agogonsu da namu suke ɗaya. Sai na sa aikina 12:30, na ba su rabin awa. Wata huɗu lafiya lau. Da Oktoba ta ƙare suka koma baya, 12 na darensu ya zama ƙarfe 1 namu. Aikina yana tashi 12:30 kamar kullum, ya tarar da fayil ɗin jiya a wurin, ya ɗauka, ya ce ya gama lafiya. Babu kuskure ko ɗaya. Kwana tara muna nuna wa mutane farashin da ya kwana kafin wani ya kira ya ce lambobin nan ba na yau ba ne.

Kuma Injiniya, da a UTC na sa shi ma haka za a yi. 23:30 UTC ne zai zama, fayil kuma ya koma zuwa 00:00 UTC. UTC yana tsayar da ƙafarka ne kawai, ba ya tsayar da ta maƙwabcinka.

Injiniya_Tukur: Wannan gaskiya ne Malama Maryam, ban musa ba. Amma ko a nan UTC ne yake sa ki ga matsalar a takarda kafin ta faru. Ki rubuta: fayil yana zuwa 23:00 UTC daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, 00:00 UTC sauran watanni. Ki ɗauki wanda ya fi jinkiri ki ƙara rabin awa, 00:30 UTC, shi ke nan duk shekara. Abin da kika rasa kawai shi ne a wata bakwai na shekara aikin yana jira awa ɗaya da rabi maimakon rabin awa.

Maryam_Bayanai: Haka na yi da farko. Daga baya na daina yarda da agogo gaba ɗaya a wannan aikin. Yanzu yana duba kwanan watan da ke cikin fayil ɗin, in ba na yau ba ne ya jira minti goma ya sake dubawa, in ya kai ƙarfe 3 bai zo ba ya turo mini saƙo a waya.

Abba_Kodin: Ku dai kuna tsawaita abu. Dokar mai sauƙi ce: kada ka sa aiki tsakanin 1 da 3 na dare. Ka sa shi 12 daidai ko 4 na asuba, ka bar agogon gari yadda yake. Shekara uku ina haka ban ga komai ba.

Umar_Alƙahira: Abba, 12 na dare ka ce? Zo Masar ka gwada. Tun 2023 da aka dawo da canjin agogo a nan, a Juma'ar ƙarshe ta Afrilu ake yin sa, kuma tsakar dare: daga 23:59 na Alhamis sai 1:00 na Juma'a. Ƙarfe 12 ɗin naka shi ne wanda babu. Dokarka ta Birtaniya da Amurka ce, ba ta duniya ba.

Abba_Kodin: To 4 na asuba ɗin fa? Wannan dai ba ku da ta cewa.

Hajiya_Rabi_Leeds: 4 na asuba zai tashi sau ɗaya, na ba ka wannan. Amma tazarar da ke tsakanin tashin jiya da na yau za ta zama awa 23 a Maris, awa 25 a Oktoba. Idan aikinka yana cewa "kawo mini na awa 24 da suka wuce", a Oktoba awa ɗaya ta zube ƙasa babu wanda ya ɗauka, a Maris kuma awa ɗaya ta shiga sau biyu. An gudu ba a tsira ba.

Wannan ma ya tuna mini. Sadiq, yaya aikinka yake gane "jiya"?

Sadiq_Kurna: Yana ɗaukar 12 na daren jiya a agogon Landan ya ƙara `interval '24 hours'`. PostgreSQL muke amfani da shi.

Hajiya_Rabi_Leeds: To allura ta tono garma. Ba Asabar kaɗai ta lalace ba, Lahadi ma da saura. Ranar 26 ga Oktoba a Landan ta fara ne 23:00 UTC na ranar 25, ta ƙare 00:00 UTC na ranar 27. Ƙirga, awa 25 ke nan. Ka tambayi rumbun bayananka da kansa:

```sql
SELECT timestamptz '2025-10-27 00:00 Europe/London'
     - timestamptz '2025-10-26 00:00 Europe/London';
```

Zai ba ka `1 day 01:00:00`. Aikin daren Litinin ya tsaya a awa ta 24, wato ƙarfe 11 na dare ranar Lahadi. Duk wanda ya sayi kaya tsakanin 11 da 12 ba ya cikin rahoton Lahadi, ba ya cikin na Litinin. Mayar da lokacin tashi UTC ba zai gyara wannan ba, don abu biyu ne daban. Yaushe aiki zai tashi, wannan na UTC ne. Wace rana ake lissafa wa, wannan na masu kasuwa ne, su kuma ranarsu ta Landan ce. Ka lissafa farkon rana da farkon washegari kowanne da sunan yankin, ka bar rumbun ya san awa nawa ce a tsakani.

Sadiq_Kurna: Na duba. Oda 37 ne suka faɗa wannan ramin. Da ba ki faɗa ba wallahi ba zan taɓa nema ba, don ni ninkin Asabar kawai nake kallo. Allah ya saka da alheri Hajiya.

Nura_Fagge: Afuwan in na kauce. Wayata tun da na dawo daga Umara take nuna lokacin Saudiyya, ƙararrawar asuba tana bugawa ƙarfe uku. Wannan UTC ɗin zai gyara?

Baffa_Gyara: Nura shiga saitin kwanan wata ka kunna na atomatik, ko ka kawo ta shago. Wannan kam fannina ne, ba irin na ɗazu ba.

Zainab_K8s: Ni ina da ja a kan "komai a UTC". Ba kowane aiki ne na inji da inji ba. Muna da saƙon da dole ya isa wa ma'aikata ƙarfe 8 na safiyarsu. In na sa shi 08:00 UTC, mutumin Landan zai same shi 8 a hunturu, 9 a bazararsu, ya riga ya shiga taro. In kuma na ce zan dinga gyara lambar da hannu sau biyu a shekara, wata rana zan manta. Irin wannan aikin sunan yanki yake so. A Kubernetes akwai gurbinsa tun da ya tabbata a 1.27:

```yaml
schedule: "0 8 * * 1-5"
timeZone: "Europe/London"
```

Ƙarfe 8 na safe ranar aiki ba ya kusa da lokacin canji, don haka babu tsallake babu ninki.

Injiniya_Tukur: Zainab, saƙon da mutum zai karanta daban, sabunta tebur daban. Tebur ba ruwansa da ko rana ta fito. Ni raba su nake yi: sabuntawa a UTC da dare, aikawa a agogon mutane da safe. Kuma sunan yanki yana da nasa haraji. Kin dogara ke nan da `tzdata` ɗin da ke cikin injinki, shi kuma yana bin abin da gwamnatoci suka yanke. Maroko a 2025 awa ɗaya take gaban UTC kamar mu, amma ta koma baya saboda azumi ta dawo bayan sallah, kuma kin san Ramadan ba ya zama a wata ɗaya na Bature. Lubnan a Maris 2023 kwana kaɗan kafin canji gwamnati ta ce an ɗage, ƙasar ta yi kwanaki da agogo biyu kafin a janye. Injin da bai samu sabon `tzdata` ba zai yi ta bin tsohuwar doka da gaba gaɗi.

Zainab_K8s: Na ji, amma wannan hujja ce ta sabunta `tzdata`, ba ta gudun sunan yanki ba. Ai ko rahoton Sadiq da Hajiya ta gyara yanzu da `Europe/London` aka gyara shi. Ba ka tsere masa ba Injiniya, ka matsar da shi ne daga wannan layi zuwa wancan.

Ɗan_Zinder: Tambaya. In sun ƙi `Africa/Lagos`, ba sai ya sa `Etc/GMT+1` ba? Ai shi ma ba ya motsi.

Hajiya_Rabi_Leeds: Kul! Alamar waɗannan sunayen a juye take. `Etc/GMT+1` awa ɗaya ne bayan UTC, namu shi ne `Etc/GMT-1`. Mutane da yawa sun ƙone a nan. Kuma kada wani ya ɗauka `Europe/London` da GMT abu ɗaya ne, wata biyar kawai suke haɗuwa a shekara. Ina jin ma abin da ya rufe idon wanda ya kafa sabar su Sadiq ke nan, ya kafa ta a hunturu ya ga agogon daidai da UTC ya wuce.

Maryam_Bayanai: Wani abu da ba wanda ya taɓo. Me ya sa tashi sau biyu ya ninka kuɗin tun farko? Don aikin yana zuba sababbin layuka ne bai duba ko na ranar suna nan ba. Yau agogo ne ya jawo, gobe wani ne zai danna shi da hannu bisa kuskure. Sadiq ka sa ya goge na ranar kafin ya zuba, duka a cikin `transaction` ɗaya, ko ka sa wa teburin `UNIQUE` a kan rana da shago. In ka yi haka ko sau goma ya tashi sakamakon ɗaya ne. Log ɗin ma ka sa ya dinga rubuta `+01:00` ko `+00:00` a jikin lokaci, da tun ranar Litinin ka gane da kanka.

Abba_Kodin: Ke nan da ya yi wannan, UTC ɗin ma ba dole ba ne. Maganata ta dawo.

Maryam_Bayanai: Na Oktoba ya warke, na Maris fa? Aikin da bai tashi ba, me zai goge me zai zuba?

Sadiq_Kurna: Ga inda nake. Na goge ninkin Asabar, na sake lissafin Lahadi da iyakokin da Hajiya ta nuna, oda 37 sun dawo. Na rubuta `timer` na `systemd` a 01:30 UTC, na gwada da `systemd-analyze calendar --iterations=5 '*-*-* 01:30:00 UTC'`, lokutan sun fito daidai. A Kano 2:30 ke nan kullum, ni ma na san lokacin da zan sa ido. Saura goge-kafin-zuba, gobe in sha Allah.

Sai dai manaja ya dawo da wata. Ya ce a bazara aikin zai koma 2:30 a agogonsu, kuma akwai wani aikin na ɗakin ajiyar kaya da yake karanta teburina ƙarfe 2:00 agogon Landan, a wata sabar da ba ni da iko da ita. Yanzu a hunturu ina gaba da shi da rabin awa. Daga 29 ga Maris 2026 shi zai riga ni.

Injiniya_Tukur: Ka matsar da naka 00:30 UTC. A hunturu 12:30 nasu, a bazara 1:30, duka bayan ranar ta rufe kuma kafin ƙarfe 2.

Zainab_K8s: Shi kuma na ɗakin ajiyar da yake 2:00 daidai, a bakin canjin, wa ya duba abin da ya yi ranar Lahadi?

Sadiq_Kurna: Ban sani ba wallahi. Na tura musu tambaya, ba su amsa ba tukuna.

Umar_Alƙahira: Masu saba a Amurka ku ma ku leƙa naku, Lahadin nan 2 ga Nuwamba 2025 ne nasu, 2:00 zai koma 1:00. Wannan makon tazarar Landan da New York awa huɗu ce maimakon biyar.